Takardar Neman Aiki ta Sabon Injiniyan Lantarki: Abin da Masu Zanen Wutar Gini Ke Son Gani

Kafin a ɗora bulo na farko a kowane babban gini, asibiti ne ko otal ko ofishin banki, akwai wasu mutane da suka riga suka zauna suka yanke shawarar inda kowane soket zai kasance, da kaurin wayar da za ta kai masa wuta, da girman janaretan da zai ɗauki ginin idan aka ɗauke wuta. Ba su ne masu ja waya a cikin bango ba. Aikinsu a kan takarda da kwamfuta yake. Akitet ya zana ginin, injiniyan gini ya ƙididdige ginshiƙai da rodi, su kuma su tsara abubuwan da ke sa a iya zama a cikinsa: wuta, fitilu, na'urorin sanyaya ɗaki, famfo da magudanar ruwa, ƙararrawar gobara, lif, kariya daga tsawa. Irin waɗannan kamfanoni sun fi yawa a Legas da Abuja, akwai su kuma a Kaduna da Kano, kuma da yawansu ƙanana ne, ma'aikatansu ba su taka kara sun karya ba.

Ƙanƙantar nan tana da tasiri a kan mai neman aiki. A babban kamfanin mai ko na sadarwa, takardarka takan fara faɗawa hannun sashen ɗaukar ma'aikata. A ƙaramin ofishin zane kuwa, sau da yawa wanda zai karanta ta shi ne babban injiniyan da zai zauna kusa da kai idan an ɗauke ka, wanda kuma hatiminsa da sa hannunsa ke kan duk zanen da ya fita daga ofishin. Idan waya ta yi zafi ta kama da wuta a ginin da suka tsara, shi za a nema. Saboda haka tambaya ɗaya ce a ransa lokacin da yake karanta takardar sabon mai digiri: idan na ba wannan yaron ko yarinyar nan ɗan ɓangare na aiki, zan iya duba lissafinsa in gane yadda ya yi, kuma zai gaya mini gaskiya a inda bai sani ba?

Yawancin takardun da matasanmu ke aikawa ba sa amsa wannan tambaya. An saba ganin wadda ta buɗe da kirarin kamfani, cewa ya shahara kuma ya yi fice, ta bi da cewa mai takardar haziƙi ne, mai ƙwazo, mai iya aiki da jama'a, ta rufe da roƙon a taimaka a ba shi dama. Za ka iya cire sunan kamfanin ka sa na gidan burodi, babu abin da zai canja. Abin yana ba ni takaici, domin sau da yawa mai irin wannan takarda yana da abin faɗa na gaske. Ya shekara biyar a tsangayar injiniya a Zariya ko Kano ko Bauchi ko Minna, ya yi wata shida na sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, ya yi hidimar ƙasa, amma ba wanda ya taɓa nuna masa cewa ɗan lissafin da ya yi a wani lungu shi ne jarinsa.

Abin da sabon ma'aikaci ke yi a shekararsa ta farko

Ba a iya rubuta takarda mai kyau sai an san aikin da ake nema. Sabon injiniya a ofishin zane ba ya tsara tashar wuta. Za a miƙo masa zanen akitet a AutoCAD, a ce ya jera fitilu da makunnai da soket a hawa na biyu. Za a ce ya cika jadawalin akwatin rarraba wuta, wato teburin da ke nuna kowane layi, abin da ke kansa, nauyinsa, girman birekarsa da kaurin wayarsa, tare da raba nauyin daidai a kan layuka ukun wuta don kada ɗaya ya fi sauran wahala. Za a ce ya ƙirga kayan da ke cikin zane domin takardar kiyasin kuɗi. Sannan babban injiniya ya karɓa, ya bi da jan biro, ya dawo masa da ita ya gyara. Wani lokaci a tura shi wurin gini ya duba ko ɗan kwangila ya bi zane.

Aiki ne na haƙuri da kula da ƙananan abubuwa, kuma rabinsa daidaitawa ne da sauran masu zane. Hanyar da ka bi da kebul a saman silin, wataƙila nan ne mai tsara sanyaya ɗaki ya bi da bututun iskarsa, ko kuma akwai ƙaton bim da ya tare wurin. Wanda ya nuna a takardarsa cewa ya san haka aikin yake, ya riga ya yi wa saura nisa.

Mu ɗauki misali

A ce wata matashiya ce ta kammala digirin injiniyan lantarki, ta gama hidimar ƙasa, ta ga wani kamfanin zane a Abuja yana neman sabon injiniya. Abin da ke hannunta uku ne. Aikinta na kammala digiri a kan na'urar cajin batir da hasken rana ne. Ta yi SIWES a wurin wani ɗan kwangilar wayarin da ke aikin bene mai hawa biyu a Kaduna. Hidimar ƙasa kuma ta yi ta a sashen ayyuka na wata kwaleji, inda injiniyan sashen ya sa ta sake tsara fitilun wani babban ofishi, ta kuma ƙididdige nauyin wutar ginin mulki domin za a sayi sabon janareta.

Abin da zuciyarta za ta fi so shi ne ta cika takardar da aikin digiri, saboda shi ta fi shan wahala a kansa, shi ne kuma aka ba ta maki. Amma haɗa ƙananan kayan cikin na'ura ba shi ne sana'ar wannan kamfani ba. Jimla ɗaya ta ishe shi, ko ma a bar shi a takardar bayanan karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV. Abin da ya kamata ya mamaye takardar shi ne ɗan aikin nan na kwaleji da take ganin ba komai ba ne.

Ga yadda aikin fitilun yake. Ofishin tsawonsa mita 12 ne, faɗinsa mita 8, wato murabba'in mita 96. Hasken da ƙa'idar EN 12464-1 ta tanada wa teburin rubutu da karatu a ofis shi ne lux 500, lux kuwa shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan wuri. Ta zaɓi fitilar silin mai cin wat 36 da ke fitar da lumen 3,600. Sai dai ba duk hasken da fitila ta fitar ne ke isa teburi ba, bango da silin suna shanye wani, don haka ta ɗauki 0.7 a matsayin rabon da ke isa. Fitila kuma tana tsufa, ƙura tana hawanta, balle a ƙasar da ake hunturu da hazo, sai ta ɗauki 0.8 saboda wannan. Lissafin shi ne:

```
N = (E × A) / (F × UF × MF)
N = (500 × 96) / (3600 × 0.7 × 0.8) = 23.8
```

Fitila 24 ke nan, ta jera su shida-shida a layi huɗu. Gaba ɗaya suna cin wat 864, wato wat 9 a kowane murabba'in mita. Daga nan ta zana ɗakin a DIALux, manhajar da ake samu kyauta, ta duba ko hasken ya bazu daidai ko akwai kusurwar da ta yi duhu.

Kowane ɗalibin aji huɗu zai iya wannan lissafi, na sani. Amma darajarsa a takardar neman aiki ita ce ana iya duba shi. Babban injiniya da ya ga murabba'in mita 96, lux 500, fitila 24, zai yi lissafin a kansa kafin ya kai ƙarshen layin, ya ga ya yi daidai. Kalmar "haziƙa" kuwa babu yadda zai yi ya auna ta. Gani ya kori ji.

Lissafin janaretan ya fi wannan nuna hankali. Ta zagaya ginin ofis-ofis ta rubuta duk abin da ke cin wuta, jimillarsu ta kama 90 kW. Wanda bai san aiki ba nan zai tsaya ya ce a sayo janaretan da zai ɗauki duka. Amma ba a taɓa kunna komai a lokaci guda ba: soket da yawa babu komai a jikinsu, famfon tura ruwa yana aiki ne na ɗan lokaci, ɗakin taro ba kullum ake buɗe shi ba. Da ta yi la'akari da haka, ta kuma gwada da awon da suka yi da mitar maƙalawa a kan babban kebul da tsakar rana, sai nauyin gaske ya tsaya a kusan 60 kW. Janareta da kVA ake sayar da shi, kuma a bisa al'ada ana lissafa shi da 0.8, don haka 60 a raba da 0.8 ya ba da 75 kVA. Ta ba da shawarar mai 100 kVA, saboda na'urorin sanyaya ɗaki da famfo suna fizgar wuta da ƙarfi a lokacin tashi, kuma ana so a bar sarari don ƙarin kaya nan gaba. Ba ta ce a sayo mai 200 ba, domin janaretan dizal da ke daɗewa yana aiki da ɗan ƙaramin nauyi ba ya ƙone mansa da kyau, sai baƙin mai ya riƙa taruwa a salansa, ga asarar kuɗin saye da na dizal.

Takardar kanta

Da Turanci za ta rubuta ta, tunda da shi ake aikin ofis a Nijeriya, amma ga abin da za ta ƙunsa:

"Ina neman gurbin sabon injiniyan lantarki da kuka sanar. Na kammala digiri a fannin injiniyan lantarki, na gama hidimar ƙasa, kuma zan iya fara aiki a Abuja daga farkon wata mai zuwa.

"A lokacin hidimar ƙasa, a sashen ayyuka na wata kwaleji, na tsara fitilun ofishi mai murabba'in mita 96 a kan lux 500. Lissafin hannu ya ba ni fitila 24 masu wat 36, na kuma tabbatar da shi a DIALux. Na kuma shirya jadawalin nauyin wutar ginin mulki: 90 kW a haɗe, kusan 60 kW a lokacin da aka fi jan wuta, wanda a kansa na ba da shawarar janareta mai 100 kVA. Injiniyan sashen ya duba lissafin, ya gyara mini adadin da na ware wa na'urorin sanyaya ɗaki, sannan ya amince da shi.

"Kafin nan na yi wata shida tare da ɗan kwangilar wayarin a wani bene mai hawa biyu a Kaduna. A can na ga yadda hanyar kebul da aka zana ta ci karo da bututun iskar sanyi a saman silin, har aka sake bi da ita ta wani wuri bayan an riga an kafa maƙalai. Tun daga lokacin nake son aiki a inda ake warware irin wannan tun a kan zane.

"Ina zana tsarin wuta a AutoCAD ba tare da taimako ba, ina shirya jadawali a Excel. Revit kuwa yanzu nake koyo, na kai ga jera fitilu da soket a ƙaramin gini, ban taɓa amfani da shi a aikin gaske ba. Na ga yawancin ayyukanku asibitoci ne, kuma ina son koyon yadda ake tsara wutar da ba ta yankewa a ɗakin tiyata, a ƙarƙashin injiniyoyi masu rajistar COREN, domin ni ma ita nake nufi.

"Na haɗo CV da shafi biyu na lissafin fitilun. Zan yi farin cikin zuwa in yi bayaninsu."

Shi ke nan. Ba ta cika shafi ɗaya ba, kuma babu jimlar da za a iya ɗauka a liƙa a takardar wani.

Jimlar da na fi so a cikinta ita ce wadda ta ce injiniyan sashen ya gyara mata lissafi. Da yawa za su ce a cire ta, wai tana rage daraja. Ni ina ganin ita ce ta fi kowace ƙarfi. Aikin ofishin zane gaba ɗayansa a kan dubawa da gyara yake tafiya, babu zanen da ke fita sai wani ya bi shi. Mai neman aikin da ya nuna an taɓa yi masa gyara ya karɓa, ya kuma tuna ainihin abin da aka gyara, ya nuna ya san tsarin. Wanda ya rubuta cewa shi kaɗai ya tsara wutar asibiti mai gado ɗari yana ɗalibi, ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa an yi ganganci da rayukan mutane, kuma mai karatu ya san haka.

Haka ma batun "na yi" da "mun yi". Tarbiyyarmu ta sa muna jin nauyin cewa "ni", sai mu ɓuya a cikin "mu". A takardar neman aiki wannan kunya tana cutarwa, domin mai karatu ba zai san ko kai ne ka yi lissafin ko kuwa ka riƙe tsani ne kawai ba. Abin da hannunka ya yi, ka ce na yi. Abin da ka tsaya ka gani, ka ce na gani, kamar yadda ta yi a kan ginin Kaduna. Duka biyun suna da daraja, muddin ba a cakuɗa su ba.

Manhajoji kuma nan ne aka fi yin ƙari. Kusan kowace CV tana jera AutoCAD, Revit, DIALux, ETAP, MATLAB, a ce duk an ƙware. Ramin ƙarya ƙurarre ne a wannan fanni, domin ba wuya a ranar intabiyu a zaunar da kai gaban kwamfuta, a buɗe zanen ɗaki, a ce sa mana fitila huɗu da makunni ɗaya ka haɗa su. Minti goma sun isa a gane. Gara ka faɗi matsayinka a kan kowace da misalin abin da ka iya yi da ita. Kamfani yana iya koya wa mutum Revit cikin 'yan watanni. Abin da ba zai iya jurewa ba shi ne ma'aikacin da ke cewa ya gane alhali bai gane ba.

Wani abin kiyayewa: kada ka sa "Engr." a gaban sunanka don kawai ka karɓi digiri. A dokar Nijeriya, wanda COREN ta yi wa rajista ne ke da wannan laƙabi, ita ce hukumar da aka kafa tun 1970 domin kula da aikin injiniya, kuma rajistar tana zuwa ne bayan shekarun aiki a ƙarƙashin waɗanda suka riga ka. Mutanen gida suna iya kiranka Injiniya tun kana aji ɗaya, wannan ƙauna ce. Amma wanda zai karanta takardarka ya sha wahala kafin ya sami nasa, kuma zai lura. Idan ka yi rajistar sabon mai digiri da ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, faɗi haka kawai.

Inda ake gane wanda ya san ƙasarsa

Ofisoshin zane a Nijeriya sun fi dogara da ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, kuma kusan kowane mai neman aiki yakan rubuta cewa ya san ta. Ambaton sunanta kawai ba ya nuna komai. Abin da ke nunawa shi ne ka faɗi wuri ɗaya da ka yi amfani da ita. Misali, ƙa'idar ta ba da shawarar kada ƙarfin wuta ya ragu fiye da kashi 3 cikin ɗari kafin ya isa fitila, ko kashi 5 cikin ɗari ga sauran kaya. A kan 230V, kashi 3 bai kai 7V ba. Wanda ya taɓa lissafa wayar fitilun katanga masu nisan mita ɗari da wani abu ya san cewa nisa ne ke tilasta masa ƙara kaurin waya, ba nauyin fitilun ba.

Ga kuma zafi. Teburan da ke nuna yawan wutar da kowace waya ke iya ɗauka an gina su ne a kan iska mai zafin digiri 30. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu, zafin yakan kai digiri 40 har ya wuce, cikin silin ɗin kwano kuwa ya fi haka. A digiri 40, waya mai rigar roba ta yau da kullum sai an ninka adadinta da 0.87, wato wadda tebur ya ce tana ɗaukar 100A ta koma 87A. Sabon injiniyan da ya rubuta jimla ɗaya cewa ya rage ƙarfin kebul saboda zafin wurin, ya gaya wa mai karatu cewa ba kwafar tebur yake yi ido rufe ba. Haka ma sanin cewa kusan kowane babban gini a ƙasar nan yana da hanyar wuta fiye da ɗaya, ta kamfanin rarraba wuta da ta janareta, yanzu kuma ga sola da inbata, kuma dole a tsara yadda za a riƙa sauyawa tsakaninsu da waɗanne layuka ne ba za a bari su mutu ba. Ba sai an zuba duk wannan a takarda ɗaya ba. Ɗaya ya isa, wanda ka taɓa yi da gaske.

Sai dai lamba takan juya ta sari mai ita. Idan ka rubuta janareta mai 100 kW alhali kVA kake nufi, ko ka ce lumen 500 a inda ya kamata ka ce lux, ka tona wa kanka asiri fiye da wanda bai kawo lamba ba ko ɗaya. Kowace lamba da ka sa, ka sake lissafa ta, ka kuma shirya amsa tambaya a kanta, domin daga cikinta za a fara yi maka tambayoyi. Me ya sa 0.7? Daga ina kika samo 60? Idan ba za ka iya kare ta ba, cire ta.

To wanda bai sami irin wannan dama ba fa? Da yawa an tura su koyarwa a makarantar sakandare lokacin hidimar ƙasa, SIWES ɗinsu kuma a wurin da ba a ba su komai sun taɓa ba. Wannan ba laifinsu ba ne, amma akwai mafita. Ka ɗauki tef ka auna gidanku, ko masallacin unguwa, ko ajujuwa uku na makarantar da kake koyarwa. Ka zana shi, ka tsara fitilu da soket da fankoki, ka raba su layi-layi, ka shirya jadawalin akwatin rarraba wuta, ka zana layin da ke nuna yadda wuta ta taso daga mita har ta isa kowane akwati. Sannan ka nemi wani injiniya, ko tsohon malaminka, ya bi maka da jan biro. A takardar ka faɗi gaskiya cewa aikin gwaji ne da ka sa kanka, ba a gina shi ba. Mako biyu ko uku za su ishe ka, kuma ka sami sakin layi na biyu da babu wanda ke da irinsa.

Sauran ƙananan abubuwa ba su da yawa. Shafi ɗaya, a aika shi a PDF, sunan fayil ɗin ya ƙunshi sunanka, ba `Document1.pdf` ba. Idan ta imel ne, a rubuta sunan gurbin a kan layin take, kuma kada a bar cikin saƙon fayau. Idan ka san sunan wanda zai karanta, ka ambace shi ka rufe da "Yours sincerely", idan ba ka sani ba ka buɗe da "Dear Sir/Madam" ka rufe da "Yours faithfully". A duba sunan kamfanin sau biyu, musamman idan daga wata takardar aka kwafo. Kuskuren rubutu ya fi muni a nan fiye da sauran wurare, saboda wanda ya bar kuskure a shafi ɗaya da ya rubuta a natse, ana tsoron abin da zai bari a jadawali mai layi arba'in da ake jira da gaggawa. Idan wani babba ne ya ce ka aika, ka ambace shi a jimlar farko bayan ka nemi izininsa, amma kada sunansa ya maye gurbin sakin layin da ke nuna aikinka.

Akwai kuma amana. Zanen da ka gani ko ka taimaka a kansa a wani kamfani ba naka ba ne, na kamfanin ne da mai ginin. Kada ka haɗa shi da takardarka ba da izini ba, ko da kana ganin zai burge. Tsarin wuta da na kyamarorin tsaro na banki ko gidan wani ba abin yawo da shi ba ne, kuma wanda ka aika wa zai fahimci cewa haka za ka yi da nasa gobe. Lissafinka na hannu, da aka cire sunan wuri, ya wadatar.

Kirana ga malaman tsangayoyin injiniya da manyan injiniyoyin da ɗalibai ke zuwa wurinsu SIWES ko hidimar ƙasa shi ne, ku ba yaran nan ɗaki ɗaya su tsara, ku duba musu, ku bar su su tafi da kwafin lissafinsu. Kai kuma mai shirin aikawa, kafin ka danna komai, ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da abokin karatunka zai iya sa hannu a kanta ba tare da ya canja kalma ba. Ka goge su, ka cike gurbinsu da aiki ɗaya da ka yi, da lambobinsa, da matsayin wanda ya duba maka shi.